Ɗanyen kifi a kasuwa: ta yaya ake gane na yau da wanda ya kwana?

Maman Fa'iza (Nima): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kifi su taimaka mini. Jiya da la'asar na aiki Fa'iza kasuwar Nima ta sayo mana samon, wato makarel, guda uku. Na ce mata ta duba ido, ta kuma zaɓi mai tauri. Yarinya ta yi yadda na ce, kifi ya zo idonsa lafiya, jikinsa ƙam. Na ajiye shi a roba na shiga yin jajjage. Kafin in gama duk ya saki, cikin guda ɗaya ya fashe da kansa, ƙayoyin haƙarƙari sun rabu da tsoka, ga wani wari mai hawa kai. Biyu na zubar. Me ya kamata mu duba wanda ba mu duba ba?

Awudu Tela: Wa alaikumus salam. Anti, ido ne dai. Kifin yau idonsa a waje yake, baƙin idon yana sheƙi. In ya kwana idon ya faɗa ciki ya yi fari. Wataƙila Fa'iza ba ta duba da kyau ba ne.

Maman Fa'iza (Nima): Ni ma na gani da idona, Awudu. Idon bai yi fari ba.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Maman Fa'iza, kar ki ga laifin yarinya. Abin da kika koya mata daidai ne, amma a kan wani kifin. Tun ina budurwa nake soya kifi ina sayarwa da dokunu, kuma abin da nake fara tambaya a gaban mai kifi shi ne daga ina kifin ya fito. Farashi daga baya. Kifin da ke kasuwannin Akra kashi uku ne. Akwai wanda kwalekwale ya sauke a Jamestown ko Corko ko Tema aka kawo shi a baho. Akwai wanda ya yi kwanaki a cikin ƙanƙara amma bai daskare ba, irin tilapiyar da ake kawowa daga Volta. Sai na katan, wanda ya daskare tun a jirgi ya zauna a ɗakin sanyi. Samon da kpanla da kike gani a tire a Nima yawancinsu na katan ne.

To taurin da Fa'iza ta taɓa, taurin ƙanƙara ne. Kifin da ya lalace ma in aka mayar da shi firiza zai yi tauri kamar dutse, kuma sanyi yana danne wari. Sai ya narke a gidanki sannan ya nuna halinsa. Abin da na fi zato shi ne an fito da wannan samon ɗin ya wuni a tire a rana, bai ƙare ba, aka mayar da shi firiza da dare, washegari aka sake fito da shi. Fashewar cikin nan ita ce shaida. Samon kifi ne mai mai, da kayan cikinsa ake daskarar da shi, kuma da ya ji zafi daga ciki yake fara lalacewa, kayan cikin su cinye fatar tumbin. Shi ya sa kika ga ƙaya ta rabu da tsoka.

Maman Fa'iza (Nima): Allah ya saka da alheri, Hajiya. To in na katan ne, yana da tauri, ba ya wari, me zan duba?

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Fara da cikinsa, 'yata. Juya shi ki kalli tumbin. Samon mai kyau cikinsa fari ne fes mai sheƙi, zanen bayansa kuma a fili yake. In kika ga cikin ya yi rawaya-rawaya, ko wajen wutsiya da gefen fiffike sun bushe sun yi fari, ya daɗe a ajiye, man jikinsa ya juya. Zai yi ɗaci a baki ko da bai ruɓe ba. Sannan ki duba ko a miƙe yake. Wanda ya daskare sau ɗaya a jirgi a miƙe yake, jikinsa a cike. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi za ki gan shi a lanƙwashe, ko gefe ɗaya ya baje inda wani ya kwanta a kansa, wani lokaci har da sawun yatsa. In kina shagon masu firiza ne, leƙa cikin katan ɗin. Ƙanƙara fara mai tsabta babu laifi. Amma ƙanƙara ja ko ruwan ƙasa da ta taru a gindin leda, jini ne da ruwan kifi suka tsiyaye lokacin da ya narke, suka sake daskarewa. Kwalin ma zai nuna, za ki ga tabon jiƙewa ya bushe a jikinsa.

Ni dai samon ba na sayensa a tire da yamma. Gara in shiga shagon in ce a ɗebo mini daga katan a gabana.

Malam Danjuma (Ashaiman): Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni direba ne, na yi shekaru ina ɗaukar katan-katan daga ɗakunan sanyi na Tema zuwa kasuwanni. A babban ɗakin sanyi kifi lafiya yake fitowa, in ka buga biyu sai ka ji ƙara. Ɓarnar a hanya ce da ƙananan shaguna. Mota marar sanyi ta tsaya a cunkoso da rana tsaka, ko wuta ta ɗauke cikin dare mai shago ba shi da janareta. Ba zai zubar da kayansa ba, wuta ta dawo firiza ta ci gaba. Don haka duk makon da dumso ya yi yawa a unguwarku, ku ƙara buɗe ido.

Awudu Tela: To amma a kan kifin teku na yau maganata tana nan ai, Hajiya. Ido ne.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Rabinta tana nan, ɗana. Idon da ya faɗa ciki ya bushe, wannan babu musu, kifin ya daɗe. Amma farin ido kaɗai ba hukunci ba ne. Jan kifi da aka kamo jiya aka binne shi cikin ƙanƙara, gefen da ya kwanta a kan ƙanƙarar idonsa zai yi hazo, alhali kifin garau yake. Shi kuma wanda aka bari a baho babu ƙanƙara tun safe, idonsa na iya zama da kyau har azahar, ciki kuwa ya fara tafiya. In ka bi ido kaɗai sai ka bar mai kyau ka ɗauki marar kyau.

Abin da ba ya ƙarya shi ne cikin kunne. Sa babban yatsa ka ɗaga murfin nan na gefen kai, za ka ga jan abin da kifi yake numfashi da shi. Na yau ja ne wur, a jiƙe, sili-silinsa a rarrabe, yauƙin da ke kai kaɗan ne kuma garau kamar ruwa. Da ya fara kwana jan zai dushe, ya koma ruwan hanta, daga nan ruwan ƙasa, daga nan toka-toka. Yauƙin ya yi kauri ya yi fari ko rawaya, silin su manne da juna. Kada ka tsaya a kallo, kai hancinka wurin. Nan ne wari yake fara fitowa, tun kafin jikin ya nuna komai. Kifin teku na yau ƙamshin ruwan teku yake yi, ƙarninsa kaɗan ne ƙwarai. Tilapiya kuma ƙamshin ruwan kogi, wani lokaci da ɗan na laka. In ka ji tsami, ko wani abu mai kama da warin fitsari ya soki hancinka, ajiye musu abinsu.

Mai kifi za ta iya watsa wa kifi ruwa ya yi ta ƙyalli, kowa yana yi, ni ban ɗauke shi ha'inci ba. Amma ba ta da lokacin wanke kunnen kifi ɗaya bayan ɗaya.

Rabi Aboabo (Kumasi): Ku kuna da teku a bakin ƙofa. Mu nan Kumasi kusan kilomita 250 ne tsakaninmu da Akra, wa zai kawo mana na yau? In ba Asafo ka je wajen masu firiza ba, sai tilapiya a ƙanƙara, sai tarwaɗa. Ni matsalata tilapiyar ce. Ranar Asabar na ɗauki guda ɗaya ta yi laushi tana lanƙwasa a hannuna, na ajiye, mai kifin ta rantse mini da safen nan aka kamo ta. Wadda na saya mai tauri ce. Yanzu maganar Hajiya ta sa ni shakka, wacce ce ta yau a cikinsu?

Malam Danjuma (Ashaiman): Tana iya yiwuwa gaskiya ta gaya miki, Rabi. Kifi sau biyu yake laushi. Da ya mutu jikinsa a sake yake. Bayan 'yan sa'o'i ya sandare, in kika riƙe kai wutsiya ba za ta sauka ba. Daga baya ya sake saki, kuma wannan sakin na biyu shi ne hanyar lalacewa. A zafin ƙasar nan in babu ƙanƙara duk wannan yana faruwa cikin wuni guda.

Rabi Aboabo (Kumasi): To ta yaya zan raba laushin farko da na biyu?

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Da yatsa. Danna tsokar baya, can sama kusa da ƙayar baya inda nama ya fi kauri. Mai laushin farko yana lanƙwasa, amma tsokarsa tana turo yatsanki, kina ɗagawa wurin ya cike. Mai laushin biyu ramin yatsan zai zauna, ko ya dawo a hankali. Sai ki shafa ɓawon daga wutsiya zuwa kai. Na sabo a manne yake, sai da wuƙa. Na tsoho zai biyo hannunki. Ki kuma matsa tumbin kaɗan ki dubi ƙofar kashinsa. In a tsuke take babu abin da ya fito, madalla. In ta kumbura ta yi ja, ko wani ruwa mai wari ya ɓullo, an gama magana.

Wadda kika saya mai tauri ba ki yi asara ba, tilapiyar da ta sandare a ƙanƙara sabuwa ce. Wadda kika ajiye ɗin ce ba mu sani ba, tunda ba ki buɗe kunnenta ba. Kuma kada ki raina kifin ƙanƙara. Tilapiyar da aka sa a ƙanƙara tun a bakin ruwa tana yin mako guda har fiye tana da kyau. Ta fi wadda aka kamo da asuba aka bari a rana har la'asar. Sai dai ki duba yadda aka sa ƙanƙarar. Kifi ya kasance a binne cikinta, sama da ƙasa, ruwan da ya narke yana da hanyar fita. Dunƙule ɗaya a kan tulin kifi, na ƙasa suna iyo cikin ruwa mai jini, wannan ba ajiya ba ce.

Tarwaɗa kuwa ba ta buƙatar wannan dogon bincike. Ki saye ta tana motsi, a kashe a gabanki.

Baba Isaka (Sabon Zango): Salamu alaikum. Ni dai shawarata a karya shi biyu a duba ciki. In akwai gari-gari ko ƙananan ƙwari, ko farin fumfuna, tsoho ne. Wasu suna shafa masa mai su sake nuna masa wuta don ya yi kamar sabo.

Awudu Tela: Baba, ɗanye ake magana, ba banda ba.

Baba Isaka (Sabon Zango): To, ai mu banda muka fi ci. Wanda zai saya ya ji.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Maganar Baba tana da amfani, don kifin da ya fara tafiya sau da yawa wuta ake kai shi. Mai saye ya shinshina cikin, hayaƙi yana rufe warin waje ne kawai.

Sista Zainab (Madina): Maman Fa'iza, kin ce biyu kika zubar. Na ukun fa?

Maman Fa'iza (Nima): Shi bai fashe ba, warinsa kaɗan ne. Na wanke shi da lemun tsami da gishiri, na soya shi sosai ya bushe. Mun ci, babu abin da ya same mu, sai maigida da ya ce yana ɗan jin yaji-yaji a harshe.

Sista Zainab (Madina): Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan. Amma don Allah Yaya kar ki sake. Ni a asibiti nake aiki, muna ganin irin wannan. Samon da tuna da amane, ƙaramin kifin nan irin sadin, in suka zauna cikin zafi bayan an kama su, wani abu yana taruwa a tsokarsu, sunansa histamin. Wuta ba ta kashe shi. Ki soya, ki dafa, ki yi banda, ki daskarar, yana nan. Lemun tsami ƙarni yake ragewa kawai. Wannan yaji-yajin da maigida ya ji a harshe yana cikin alamunsa. Wanda ya ci da yawa, cikin mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu fuska da wuya su yi ja su ɗauki zafi, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi, zuciya ta dinga bugawa, wani har da amai da gudawa. Mutane sukan ce ai kifi ne bai karɓe su ba, alhali wannan kifin ne kawai ya lalace. Yawanci yana wucewa a ranar, amma in numfashi ya fara wuya, ko mai asma ne, ko ƙaramin yaro, a tafi asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne kifin yana iya ɗauke da shi tun bai yi wari sosai ba. Kifi uku daga tire ɗaya, rana ɗaya suka sha. In biyu sun lalace, na ukun ma ya bi su.

Maman Fa'iza (Nima): Innalillahi. Wallahi ban san wuta ba ta kashe shi ba. Na gode, Sista.

Awudu Tela: Wani abu kuma da nake ji, wai in ka ga kifi ƙuda ba ya sauka a kai, to an sa masa maganin gawa ne. Ni yanzu tiren da babu ƙuda ko ɗaya ba na zuwa.

Malam Danjuma (Ashaiman): Wannan maganar ta daɗe tana yawo. Ni a shekarun da na yi a Tema ban taɓa ganin an sa da idona ba. Ba na cewa babu masu yi. Amma ƙuda ba ma'auni ba ne. Kifin da ya fito daga firiza yanzu ƙuda ba ya damuwa da shi saboda sanyi, haka wanda mai shi take ta kaɗa masa tsumma. In muka bi wannan sai mu guji mai tsabta mu tafi wajen mai ƙuda.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Ni kam na taɓa cin karo da wanda ban yarda da shi ba. Kunnen ya dushe ya yi toka, ido ya faɗa, wato ta ko'ina tsoho ne, amma tsokar ta yi wani tauri kamar roba kuma babu ƙarni ko kaɗan, sai wani wari irin na magani. Ban san abin da aka sa masa ba, ban kuma saya ba. Duk kifin da alamunsa suka saɓa wa juna haka, barinsa nake.

Sista Zainab (Madina): Da ido ko hanci ba za a tabbatar ba, sai an kai gwaji. Wanda ya yi zargi ya kai ƙara hukumar kula da abinci da magunguna, aikinsu ne. Kun tuna a watan Afrilu na 2021 da teku ta turo matattun kifaye bakin Osu, mutane suka yi ta kwasa? Hukumar ce ta fito ta ce kada a ci. A irin wannan lokacin arha da kanta abin tsoro ce.

Awudu Tela: Ni dai har yanzu hankalina bai kwanta da tiren da babu ƙuda ba.

Rabi Aboabo (Kumasi): Hajiya, wasu masu kifin ba sa so a taɓa musu kaya. Wata har tsawa ta yi mini a Kejetiya. Kuma tuna ai a yanke ake sayar da ita, babu kai balle kunne.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Kada ki kama tona mata tire. Ki gaishe ta, ki nuna wanda kike so, ki ce ta buɗe miki kunnen da hannunta. Mai kaya mai kyau da sauri take buɗewa, har ta kawo miki kusa da hanci. Ki tsaya kuma a gyara shi a gabanki, don lokacin da wuƙa ta shiga ciki ne komai yake fitowa. Kayan ciki su fito a haɗe kowanne da siffarsa, jinin da ke jikin ƙashin baya ja. In suka zubo a narke, tun kuɗi yana hannunki sai ki ce a canza. Wanda aka riga aka cire wa kai da kunne tun kafin ki zo, ki tambayi kanki dalili.

Tuna kuwa fuskar yankan za ki duba. Ja mai haske, a jiƙe, tsokar a haɗe. In ta koma ruwan ƙasa, gefen ya bushe, ko salar naman ta fara buɗewa tana rabuwa, an daɗe da yankawa. In da hali ki ce a yanka miki daga babbar a gabanki.

Malam Danjuma (Ashaiman): Ku riƙa lura da rana ma. Masuntan Ga da na Fante ba sa shiga teku ran Talata. Wadda ta ce miki ran Talata da yamma wai yanzu kwalekwale ya sauke, ki buɗe kunnen sau biyu.

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): Haka ne Malam, amma kifin Litinin da ya kwana cikin ƙanƙara mai kyau ni ina saye ran Talata, ban taɓa samun matsala da shi ba. Wanda nake tsoro shi ne amane a lokacinsa, wajen Agusta, da yake zuwa da yawa har ƙanƙara ta kasa. Ƙaramin kifi ne, fatar cikinsa siririya. Ki sa hannu ƙasan bahon ki ɗago na gindi, kada ki tsaya ga na sama. In kin ga da yawa cikinsu ya tsage, duk bahon ya sha zafi.

Maman Fa'iza (Nima): Hajiya, in na sayo mai daskarewa daga shago, in bar shi a roba ya narke kamar yadda na saba?

Hajiya Ladi Mai Dokunu (Mamobi): A'a. In na gobe ne, sa shi a kwano a ƙasan firij ya kwana. In na yanzu ne, ƙulle shi a leda ki tsoma cikin ruwan sanyi, kina canza ruwan. Tun yana da sauran ƙarfi ki fasa cikin ki cire kayan ciki da kunne, ki kankare baƙin jinin ƙashin baya, ki ɗora a wuta. Kuma ki saya daidai na tukunyar ranar, don wanda ya narke a hannunki bai kamata ya koma firiza ɗanye ba.

Rabi Aboabo (Kumasi): Akwai wanda ya san ranakun da motocin tilapiya suke shigowa Kumasi daga Yeji? So nake in riƙa zuwa ranar da aka sauke.